Shirun Asibiti Ba Shaidar Lafiya Ba Ce: Yadda Ake Sa Ido Kan Cututtuka

A watan Agustan 2016 aka sanar da cewa an samu yara biyu a jihar Borno, ɗaya a ƙaramar hukumar Jere ɗaya a Gwoza, waɗanda ƙwayar cutar shan inna ta asali ta shanye wa gaɓɓai. Kafin shekarar ta ƙare an ƙara samun biyu a Monguno, suka zama huɗu. Labarin ya girgiza ma'aikatan lafiya ƙwarai, domin rabon da a ga irin wannan ƙwayar a Nijeriya tun watan Yulin 2014 a jihar Kano, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sunan ƙasar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu a watan Satumban 2015. Abin da ya fi tayar da hankali ya biyo baya ne, bayan masana sun binciki tsatson ƙwayar. Sun gano cewa dangantakarta mafi kusa tana komawa ne ga wadda aka gani a Borno ɗin a 2011. Ma'ana, ba daga wata ƙasa aka shigo da ita ba. Tana nan tana yawo daga cikin wannan yaro zuwa na wancan har kusan shekara biyar, alhali takardun da ke isa Abuja suna cewa babu ita.

Duk wanda zai tsara yadda za a riƙa sa ido kan cututtuka a gari, ko jiha, ko ƙasa, wannan ce matsalar da ke gabansa. In rahoto bai zo ba, cutar ce babu, ko kuwa idon da aka sa ne ba ya gani?

Hanyoyi biyu ake bi labarin cuta ya kai ga hukuma. Ta farko ita ce jiran rahoto. Maras lafiya ya kai kansa asibiti, ma'aikacin lafiya ya duba shi, in ya ga alamun ɗaya daga cikin cututtukan da aka ce a riƙa sanarwa, kamar ƙyanda ko kwalara ko sanƙarau, sai ya cike takarda ya aika wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Shi kuma ya tura jiha, jiha ta tura wa hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa. Wasu cututtukan a take ake sanar da su, wasu a rahoton mako, wasu a na wata. Kan wannan aka gina tsarin bai ɗaya da ƙasashen Afirka suka amince da shi a 1998, wanda Nijeriya da Nijar duk suke aiki da shi. Amfaninsa a fili yake: ba shi da tsada, yana tafiya cikin aikin yau da kullum, kuma yana iya ɗaukar cututtuka da yawa a ƙasa baki ɗaya, shekara da shekaru.

Rauninsa shi ne labari yana zubewa a hanya. Mu ƙaddara yara 100 sun kamu da ƙyanda a wata gunduma. Wataƙila 60 ne za a kai asibiti, sauran a tsaya a kemis ko a jiƙa musu magani a gida, tunda a wurare da dama har yau ana ganin ƙyanda ba ta son allura. Cikin 60 ɗin a ce an gane 45, sauran an rubuta musu zazzaɓi kawai. Cikin 45 kuma a cike wa 30 takarda, saboda ma'aikaci ɗaya ne a ɗakin shan magani, layi ya yi tsawo, takardun sun ƙare, ko babu kuɗin man babur. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, amma haka zubewar take. A ƙarshe hukuma ta ga 30 cikin 100. Wannan kason, wato waɗanda tsarin ya kama cikin dukkan waɗanda suka kamu da gaske, shi ne ma'aunin kaifin idon tsarin.

Hanya ta biyu ita ce fita nema. A nan jami'i ba ya zaman jira. Shi ne zai hau babur ya je asibiti, ya buɗe rajistar marasa lafiya ya bi ta layi-layi tun daga ranar zuwansa na ƙarshe, ya shiga ɗakin yara, ya leƙa ɓangaren gashin ƙashi, ya tambayi masu jinya, sannan ya sa hannu da kwanan wata a rajistar don a san ya zo. A aikin shan inna an kasa wuraren da ake ziyarta kashi uku gwargwadon yadda ake tsammanin za a kai musu yaron da ƙafarsa ta saki: manya duk mako, matsakaita sau biyu a wata, ƙanana sau ɗaya a wata. Abin lura shi ne ba girman gini ke sa wuri ya shiga sahun farko ba. A ƙasar Hausa uwar da ta wayi gari ta ga ƙafar ɗanta ta yi laƙwas sau da yawa ba asibiti take fara nufa ba. Wurin mai ɗori za ta je, ko malamin tofi, ko mai maganin gargajiya, tunda sunan cutar ma na nuna abin da mutane suka daɗe suna ɗauka cewa shi ke kawo ta. Saboda haka mai ɗorin da ya yi suna a kasuwar ƙauye yana iya fin wani babban asibiti muhimmanci a jadawalin jami'in da ya san aikinsa. Haka ma wanzami da ungozoma da mai kemis da mai unguwa.

Fita nema tana kama abin da jira ya bari, amma tana cin kuɗi da mutane da lokaci, don haka ba a iya yi wa kowace cuta. Ana ajiye ta ne ga cutar da ake son kawarwa kwata-kwata, inda ɓacewar mutum ɗaya ma asara ce, ko lokacin da annoba ta riga ta ɓarke ana bin waɗanda suka yi mu'amala da masu ita, kamar yadda aka yi a Legas da Fatakwal lokacin Ebola a 2014. A ganina muhawarar wacce ta fi wacce ɓata lokaci ce. Mai tsari yana fara tambayar kansa ne: wane mataki za a ɗauka in labarin ya zo, kuma cikin kwana nawa ne matakin zai yi amfani? In manufar ita ce a san ko zazzaɓin cizon sauro na ƙaruwa ko raguwa daga shekara zuwa shekara, jiran rahoton wata ya wadatar, ko da kashi 30 cikin 100 yake kamawa, muddin kullum kusan haka yake kamawa. In kuwa manufar ita ce a rantse wa duniya cewa babu sauran shan inna, to kashi 30 ba komai ba ne.

To amma ta yaya za a auna kaifin ido a kan cutar da ake fatan babu ita? Ba za a ce an kama kaza cikin kaza ba, tunda ba a san jimillar ba. Dabarar da masu yaƙi da shan inna suka fito da ita ta cancanci a tsaya a fahimce ta sosai.

Ba a cewa ma'aikaci ya kawo rahoton shan inna. Abin da ake ce masa shi ne ya kawo rahoton duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda hannunsa ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya ta yi laƙwas, ko mene ne yake zaton ya jawo. An faɗaɗa ma'anar da gangan. Akwai wasu abubuwan da ke kawo irin wannan sakin gaɓa, kamar wata cutar jijiyoyi da kan biyo bayan gudawa ko mura, da kumburin laka, da allurar da aka yi wa yaro a ɗuwawu ta taɓa jijiya. Waɗannan suna faruwa a ko'ina a duniya, ko da shan inna ko babu. Saboda haka aka sa ƙa'ida: a ƙasar da ke cikin haɗari, dole tsarin ya riƙa gano aƙalla yara 2 masu irin wannan sakin gaɓa da ba shan inna ba cikin kowane yara 100,000 'yan ƙasa da shekara 15 a shekara, kuma a wuraren da haɗarin ya fi yawa akan ɗaga ƙa'idar zuwa 3. Masuncin da ya ja koma bai fito da ko ƙaramin kifi ba, ba shi da bakin cewa babu giwan ruwa a kogin. Komarsa ce abin tuhuma.

A ɗauki ƙaramar hukuma mai yara 150,000. Bisa ƙa'idar 2, ana sa ran ta kawo aƙalla 3 a shekara. In shekara ta zagayo ba ta kawo ko ɗaya ba, ba a yi mata barka. Ana sa ta cikin jerin wuraren da suka yi shiru, a tura mutane su bi rajista da gidajen masu magani su ga abin da ya faru.

Gano yaron rabin aiki ne. Ana so a je a bincika cikin awa 48 da samun labari, a ɗebi bahayarsa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24 a tsakani, kowanne kimanin girman babban yatsan babba, kuma duka biyun cikin kwana 14 da fara sakin gaɓar. Dalilin ɗiba biyu shi ne ƙwayar ba kullum take fita a bahaya ba, ana iya kuskure ta a na farko. Dalilin kwana 14 kuma shi ne bayan mako biyu fitarta na raguwa sosai. Daga nan sai a sa a akwatin sanyi da ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji na Maiduguri ko na Ibadan cikin kwana 3, bai bushe ba, bai zube ba, sanyin bai yanke ba. Ana so aƙalla kashi 80 cikin 100 na yaran su cika waɗannan sharuɗɗa. Duba yadda jinkiri ke cinye kaifin ido a nan: yaron da aka gano bayan wata guda, ko da shan innar ce ta kama shi, gwaji na iya cewa babu komai. Shi ya sa ake komawa a duba irin waɗannan yara bayan kwana 60, in har ƙafar ba ta dawo ba sai kwamitin ƙwararru ya zauna a kan batun.

Tsari ne mai kyau. To me ya sa ya kasa a Borno?

Saboda a matakin jiha alƙaluman suna cika ƙa'ida. Maiduguri ta cika maƙil da 'yan gudun hijira, ma'aikata na nan, ana samun yara masu sakin gaɓa ana ɗibar bahaya yadda ya kamata. In aka raba adadinsu da yawan yaran jihar sai lissafi ya fito da kyau. Amma akwai yankuna masu faɗi da rikicin Boko Haram ya rufe, an ƙone asibitocinsu, babu mai rigakafi babu mai kai rahoto. Ƙoƙarin wuraren da ake iya shiga ya lulluɓe shirun wuraren da ba a iya shiga. Ga kuma halin cutar kanta: cikin kimanin mutum 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanyewa, sauran su yi ta yaɗa ta ba tare da wata alama ba. Yara huɗu da aka gani na nufin ɗaruruwa da ba a gani ba.

Gyaran da aka yi bayan haka duk na ƙara ido ne a inda babu. An nemi mutanen da ke shiga da fita waɗannan yankuna don harkokinsu, aka koya musu alamar da za su lura da ita. An riƙa tarar iyalan da suka fito daga daji a mashigar gari da sansanoni ana duba yaransu. An kuma faɗaɗa gwajin ruwan kwata, wanda aka fara a Kano a 2011, inda ake ɗibar ruwan magudanar da ke kwashe ƙazantar unguwanni da yawa a nemi ƙwayar a ciki. Wannan ba ya jiran sai wani yaro ya shanye, sai dai a birni yake aiki, inda kwatoci ke haɗuwa. A ƙauyen da kowa ke da masansa ko ake fita daji ba shi da inda zai tsaya. Yaron Monguno da ya kamu a watan Agustan 2016 shi ne na ƙarshe da ƙwayar ta asali ta shanye wa gaɓɓai a Nijeriya, kuma sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da ita. Shekara huɗu aka ɗauka, kuma babban abin da masu ba da shaidar suka tsaya a kai shi ne ko shirun wannan karon na gaskiya ne.

Akwai wata dabara ƙarama da ta samo asali daga wannan tunani, wato rahoton babu. Ana buƙatar kowane asibiti ya aiko da rahoton mako ko da bai ga komai ba, ya rubuta sifili. Sifilin da aka rubuta daban, gurbin da aka bari fayau daban. Sai dai ita ma ana yi mata zamba cikin aminci. Ma'aikacin da ya gaji yana iya jera sifili mako bayan mako ba tare da ya buɗe rajista ba, kuma a takarda zai fito a matsayin wanda ya fi kowa cika aiki. Ba a gane wannan sai an je an gwada rajistarsa da rahotonsa. In an tarar da mutum 20 a rajista da suka dace da ma'anar cutar, 12 kawai aka sanar, an san kashi 60 ke wucewa daga wannan asibitin. Haka kuma in ana ba da ɗan hasafi ga duk wanda ya kawo labari, adadi kan yi tashin gwauron zabo da yaran da ba su dace da ma'anar ba, alƙaluma su yi kyau, ɗakin gwaji ya cika, ba tare da an ƙara gani a inda ake buƙata ba.

Shan inna ta nuna abin da ke faruwa in ido bai kai ba. Sanƙarau kuwa ita ke nuna abin da ke faruwa in ido ya gani amma labari ya makara. Annobar sanƙarau nau'in C da ta taso daga ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara ta fara ne a watan Disamban 2016, amma sai tsakiyar Fabrairun 2017 sanarwa ta kai ga hukumar ƙasa, kimanin wata biyu ke nan. Babban gangamin rigakafi bai kankama ba sai a watan Afrilu. Kafin ta lafa a watan Yuni an ƙirga mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne, ba ya kare mutum daga C. Kuma kafin a saki allurar daga rumbun ajiya na duniya sai an nuna shaidar gwaji cewa ga nau'in da ke yawo, wanda ke buƙatar a ɗebi ruwan ƙashin baya a kai ɗakin gwaji cikin yanayi mai kyau. Kaɗan ne daga cikin marasa lafiyar aka yi wa hakan.

Sanƙarau tana da ƙa'idojin da aka gina kan mako. A yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka samu kwatankwacin mutum 3 cikin 100,000 a mako ɗaya, an shiga matakin faɗakarwa: a bincika, a ɗebi ruwan gwaji, a tanadi magani. In ya kai 10, annoba ce, kuma ana so rigakafi ya fara cikin mako huɗu. Bayan haka amfaninsa na raguwa da sauri, domin cutar ta lokacin zafi da ƙura ce, da damina ta sauka takan ja da baya da kanta, ta bar waɗanda ta kashe da waɗanda ta kurmantar.

Ga inda lissafi ke yaudara, irin yaudarar Borno. Gunduma mai mutum 40,000 ta samu mutum 6 a mako guda. Wannan daidai yake da 15 cikin 100,000, ya wuce matakin annoba. Amma in aka zuba waɗannan 6 cikin lissafin ƙaramar hukuma mai mutum 300,000, sai su koma 2 cikin 100,000, ko matakin faɗakarwa ba su kai ba. Mutum shida ɗin ba su canja ba, abin da aka raba su da shi ne ya canja. Shi ya sa ake ba da shawarar a tsattsaga manyan ƙananan hukumomi zuwa yankunan da ba su wuce mutum 100,000 ba wajen wannan lissafi.

Auna saurin tsari ba ya yiwuwa sai an rubuta ranaku: ranar da ciwo ya fara, ranar da aka ga ma'aikacin lafiya, ranar da aka sanar, ranar da aka zo bincike, ranar da sakamakon gwaji ya fito, ranar da aka ɗauki mataki. Kowace tazara da mai laifinta da kuma maganinta. In jinkirin tsakanin fara ciwo da zuwa asibiti ne, aikin na masu unguwanni da limamai da gidajen rediyo ne. In tsakanin asibiti da ƙaramar hukuma ne, wataƙila katin waya ko man babur ne matsalar. In kuwa labari ya iso kan lokaci ya kwanta a tebur ana jiran a saki kuɗi, to sayen sababbin wayoyi da manhajoji ba zai gyara komai ba. A 2021 wasu masana suka kawo wani ma'auni mai sauƙin riƙewa, 7-1-7: a gano ɓarkewar cuta cikin kwana 7, a sanar da hukuma cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin kwana 7. Wanda ya ɗora Zamfara ta 2017 a kan wannan sikeli zai ga tazarar da kansa.

Sauri da kaifin ido suna da farashi, kuma gara a faɗe shi. Faɗaɗa ma'anar cuta da cewa a sanar tun ana zato na nufin yawancin kiran da za a yi ba za su zama komai ba. Ga shan inna da sanƙarau da kwalara wannan farashi ne da ya kamata a biya. Abin da bai kamata ba shi ne a nemi labari alhali ba a tanadi mai amsa shi ba. Ma'aikaciyar da ta kira sau biyu ba wanda ya zo, ko ta aika da samfuri ba ta taɓa jin sakamakonsa ba, karo na uku ba za ta kira ba. Mafi muni shi ne inda ake yi wa mai kawo labarin annoba kallon wanda ya tona asirin gwamnati. Tsare-tsare da yawa a nan suke mutuwa, ba a rashin na'ura ba.

Mai karatu yana da nasa kason a tazarar farko, wadda babu jami'in da ke iya rage ta shi kaɗai. In yaron da bai kai shekara 15 ba ya wayi gari hannu ko ƙafa ta saki, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar, ko da za a ci gaba da addu'a da tofi; kwana 14 ake da su, kuma gwajin kyauta ne. In mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya suka kwanta da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a mako guda, a kai su asibiti nan take, mai unguwa kuma ya tabbatar labarin ya kai ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma kafin rana ta faɗi.